Takardar Neman Ɗage Jarrabawar Tuƙi Bayan Rashin Lafiyar Ɗa

Takardar neman ɗage jarrabawar tuƙi gajeruwar wasiƙa ce da uba ko uwa ke rubuta wa makarantar koyon tuƙi idan ɗansu ko 'yarsu ta kwanta rashin lafiya gab da ranar da aka tsayar za a gwada ta. Ba ta wuce shafi ɗaya. Aikinta shi ne ta sanar da makaranta cewa ɗalibin ba zai iya zuwa ba, ta faɗi dalili a taƙaice, sannan ta nemi wata rana takamaimai. Wannan na ƙarshen ne ya fi wuya, domin zaɓen sabuwar rana yana bukatar mai rubutun ya san yadda ake samun lasin tuƙi, ya kuma san yadda jikin mai jinya ke dawowa daidai.

Wa ke da ikon ɗage ranar

A Najeriya samun lasin tuƙi na farko yana bi ta hannun ɓangarori da yawa, kuma makarantar tuƙi ɗaya ce kawai daga cikinsu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ce ke tantance makarantun tuƙi a ƙarƙashin wani shiri da ake kira DSSP. A tsarin wannan shiri, ana rijistar ɗalibi a rumbun hukumar, ana shigar da darussansa ɗaya bayan ɗaya, kuma sai ya cika darasi 26 kafin makaranta ta iya fitar masa da takardar shaidar kammalawa. Da wannan takarda ce ake cike neman lasin. Gwajin tuƙi na hukuma kuwa aikin jami'an duba ababen hawa ne na jiha, waɗanda aka fi sani da VIO. Bayan an ci gwajin, sai a je ɗaukar hoto da zanen yatsu, a karɓi lasin wucin gadi mai kwana 60 kafin na dindindin ya fito. Mafi ƙarancin shekarun mai neman lasin ƙaramar mota 18 ne.

Daga nan za a ga cewa kalmar "jarrabawa" a bakin iyaye tana iya nufin abu biyu. Akwai gwajin cikin gida da makaranta ke yi wa ɗalibinta don ta ga ko hannunsa ya faɗa. Wannan nata ne, tana iya matsar da shi duk ranar da ta ga dama, muddin akwai mota da malami. Akwai kuma gwajin VIO, wanda makaranta ba ta mallake shi ba. Abin da take yi a nan shi ne gabatar da ɗalibanta, sau da yawa rukuni-rukuni, a motarta mai alamar koyo. Idan wannan ne ake so a ɗage, iyakar abin da makaranta za ta iya shi ne ta cire sunan ɗalibin daga rukunin wannan karo ta sa shi a na gaba, ko ta nema masa wata rana a ofishin jami'an. Takardar da ba ta bambance waɗannan biyun ba takan jawo amsa mai harshen damo: a ce "ba damuwa, Allah ya ba ta lafiya," alhali ba a taɓa komai a rijista ba.

Saboda haka abin farko da mahaifi zai yi kafin ya ɗauki biro shi ne ya tambayi ɗan, ko ya duba rasit da katin darussa, ya gane wace jarrabawa ce aka sa wa rana, kuma darasi nawa suka rage.

Me ya sa iyaye ne ke rubutawa

Wanda ya kai shekara 18 baligi ne a idon doka, kuma sunansa ne ke kan rijista. A ƙa'ida shi ya kamata ya nemi ɗagewar da kansa. Iyaye suna shigowa ne don dalili biyu bayyanannu: yaron yana kwance ba ya iya rubutu ko zirga-zirga, kuma galibi su ne suka biya kuɗin makarantar, rasit na hannunsu. Duk da haka ya dace takardar ta nuna cewa da sanin ɗalibin aka rubuta ta. Jimla ɗaya ta isa, kamar a ce "na rubuto ne a madadinta kuma da saninta." Idan tana iya riƙe biro, ta sa hannu a ƙasan na mahaifinta. Makarantar da ta san aikinta za ta so ta ji daga bakin ɗalibar ko ta waya ne, kuma bai kamata uba ya ɗauki hakan a matsayin raini ba.

Akwai wani tarnaƙi da ya keɓanta da gidajen Hausawa, wato batun suna. Yaron da aka sa wa sunan kakansa a gida Abba ne ko Baffa, yarinyar da ta ci sunan kakarta Ummi ce ko Mama, kuma akwai iyayen da har gobe ba sa kama sunan ɗan fari saboda alkunya. Rijistar makaranta ba ta san alkunya ba. Dole sunan da ke cikin takardar ya zama daidai da wanda ke kan rijista da lambar shaidar ɗan ƙasa, harafi da harafi, a jeren da aka rubuta shi. A makarantar da ke da Aisha biyar a rukuni ɗaya, takardar da ta ce "ɗiyata Ummi" sai ta kwana a aljihun tebur ana neman mai ita. Lambar rijistar ɗalibi ta fi sunan ma saurin kai ma'aikaci ga fayil.

Yadda ake lissafa sabuwar rana

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki ranar sallama daga asibiti a matsayin ranar warkewa. Sallama tana nufin majinyaci ya fita daga haɗarin da ke bukatar gado da ƙarin ruwa. Tuƙi kuwa yana bukatar ido mai gani tar, wuya mai juyawa a duba baya, ƙafar da za ta danne kuloci sau da yawa ba ta yi rawa ba, da hankalin da zai lura da ɗan acaɓa da mai a-daidaita-sahu a lokaci guda. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yakan yi kwanaki yana fama da kasala da jiri, musamman idan jininsa ya yi ƙasa. Maganin zazzaɓin da aka saba bayarwa na haɗiya kwana uku ake sha, amma ƙarewar ƙwayoyin ba ita ce dawowar ƙarfi ba. Taifot ya fi jan lokaci, don maganinsa kaɗai kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Karayar hannu ko ƙafa ana maganar makonni shida ne ko fiye kafin a cire filasta, sannan gaɓar ta saki.

Sai kuma magunguna. Wasu magungunan mura da ƙaiƙayi, irin su firiton, suna sa barci. Haka ma magungunan ciwo masu ƙarfi irin su tiramadol da duk wani mai ɗauke da kodin. Wanda ke shan irin waɗannan bai kamata ya zauna bayan sitiyari ba, ko da yana jin garau. Ciwon ido irin afolo shi ma yana da nasa hukunci: yana yaɗuwa ga malami da sauran ɗalibai da ke shiga mota ɗaya, kuma duba lafiyar ido na cikin matakan samun lasin. Tambayar da ya kamata a yi wa likita ranar sallama ita ce, kai tsaye, "yaushe za ta iya tuƙa mota?" Amsar wannan takan bambanta da amsar "yaushe za ta koma makaranta?"

Bayan ranar da likita ya faɗa, sai a ƙara kwanakin darussan da suka rage. Idan ɗalibi bai cika 26 ɗin nan ba, babu takardar shaida, kuma idan babu ita babu maganar gwajin hukuma. A kan wannan kuma sai a ɗora darasi biyu ko uku na maimaici. Direban da ya shekara goma yana tuƙi ba ya mantawa don ya yi mako uku a kwance, amma sabon hannu yana mantawa. Abin da ke fara zubewa shi ne daidaita kuloci da totur wajen tashi, musamman a kan gangare, sai ribas da fakin, waɗanda kuma su ne wuraren da mai gwaji ke zuba ido. Malami yakan gane hakan cikin minti goma na farko: mota tana mutuwa a mahaɗa, ɗalibi yana kallon giya maimakon hanya, yana manta sigina.

Ga misali na ƙirƙira don a ga yadda lissafin ke tafiya. Yarinya ce 'yar shekara 19, ta yi darasi 22, saura huɗu. An shirya za ta ƙarasa su cikin mako, makaranta ta kai rukuninsu gwajin VIO ranar Talata 14 ga Oktoba. Ranar Litinin 6 ga wata zazzaɓi ya rufe ta, washegari aka ba ta gado, aka sallame ta ranar Juma'a 10 ga wata, likita ya ce ta huta mako biyu. Hutun zai ƙare ranar Juma'a 24. Darussa huɗun da suka rage, ɗaya a rana, za su ci Litinin 27 zuwa Alhamis 30. Maimaici biyu su ɗauki Juma'a 31 da Litinin 3 ga Nuwamba. Ke nan rana mafi kusa da za a iya nema ita ce Talata 4 ga Nuwamba, mako uku cif bayan ranar farko, duk da cewa kwana uku kawai ta yi a asibiti. Uban da ya nemi a ɗage da mako ɗaya saboda "ai ta samu sauƙi" zai sake rubuta wata takardar, kuma roƙo na biyu ba ya samun karɓuwa irin ta na farko.

Ga yadda takardar wannan uba za ta kasance. A sama ta dama adireshinsa da kwanan wata, 10 ga Oktoba. A hagu, "Zuwa ga Shugaban Makaranta," da sunan makarantar. Sai kan magana: Neman ɗage ranar gwajin tuƙi na Wance, mai lambar rijista kaza. Sai jikin takardar:

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne mahaifin ɗalibarku mai suna a sama, kuma na rubuto ne a madadinta da saninta. Tana cikin rukunin da za ku kai gwajin VIO ranar Talata 14 ga Oktoba. Allah ya jarrabce ta da rashin lafiya, an kwantar da ita a asibiti daga 7 zuwa 10 ga wannan wata, kuma likita ya ba ta hutu har zuwa 24 ga wata. Don haka ba za ta samu zuwa gwajin ba. Na haɗo da kwafin takardar asibiti da na rasit.

"Ina roƙon a cire sunanta daga rukunin 14 ga Oktoba, a sa ta a gwajin Talata 4 ga Nuwamba, ko rukuni na farko da zai biyo bayan wannan rana. Saura mata darasi huɗu, waɗanda za ta iya farawa daga Litinin 27 ga Oktoba in Allah ya yarda. Ina kuma neman a ƙara mata darasi biyu na maimaici, a sanar da ni kuɗinsu. A taimaka a bayyana mini a rubuce ko kuɗin gwajin da na biya zai wuce zuwa sabuwar ranar, ko akwai abin da zan cika. Ga lambar wayata a ƙasa. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Sai sa hannun uba da cikakken sunansa, da sa hannun ɗalibar in ta iya.

Kowace jimla a nan tana da aikin da take yi. An ambaci tsohuwar rana don ma'aikaci ya san daga wane jeri zai soke suna. An ba da rana takamaimai amma an bar ƙofa a buɗe da "ko rukuni na farko da zai biyo baya," domin uba bai san jadawalin jami'an gwaji ba, makaranta ce ta sani. Da ya ce "a ɗage zuwa lokacin da ta warke," da ya ɗora wa makaranta aikin duba, kuma irin wannan fayil shi ake ajewa gefe har a manta. An ɗauko zancen kuɗi tun da wuri, saboda a nan ne rigima ke tashi daga baya. Makarantu sun bambanta: wata takan wuce da kuɗin ba tare da ƙari ba, wata takan caji kuɗin mota da mai na ranar gwaji daban, kuma abin da ya riga ya shiga asusun gwamnati ba makaranta ce za ta dawo da shi ba. Abin da aka rubuta a fom ɗin shiga shi ne hujja, shi ya sa ya kamata a karanta shi kafin a rubuta takardar.

Abin lura kuma shi ne takardar ba ta faɗi sunan ciwon ba. Makaranta ba asibiti ba ce. Abin da take bukata ta sani shi ne ɗalibin ba zai iya tuƙi ba daga rana kaza zuwa rana kaza, kuma likita ne ya faɗa. Takardar hutu da asibiti ke bayarwa, mai hatimi da sa hannu, ta wadatar, ba sai an haɗo da sakamakon gwajin jini ko katin magani ba. Wasiƙa takan bi hannaye da yawa a ofis, kuma sirrin lafiyar budurwa ko saurayi nasa ne, ba na iyaye kaɗai ba. Akwai togiya guda mai nauyi. Idan ciwon irin wanda kan iya dawowa a kan sitiyari ne, kamar farfaɗiya, ko suma ba zato, ko raunin gani da bai gyaru ba, to ɓoye shi ganganci ne da ran ɗalibin da na malamin da ke gefensa da na masu tafiya a hanya. A nan maganar ta wuce ta ɗage rana, ta koma ta ko likita ya yarda a ci gaba da koyon tuƙin gaba ɗaya.

Kai takarda da abin da ke biyo baya

Lokaci ya fi lafazi muhimmanci. A misalin da ya gabata, uban ba zai jira ranar sallama ba kafin ya ce uffan. Tun ranar Laraba 8 ga wata zai buga waya ya ce yarinya tana asibiti, kada a sa ran ta a darussan makon, takarda na nan tafe. Takardar kuwa ta isa ranar Juma'a ko Asabar, kafin ranar gwajin. Bambancin da ke tsakanin wanda ya sanar kafin rana da wanda ya zo bayan ta wuce babba ne: na farko ya nemi ɗagewa, na biyu an riga an rubuta masa bai zo ba, uzuri yake kawowa, kuma mai yiwuwa kuɗinsa ya tafi.

A yi kwafi biyu. A miƙa ɗaya, a sa wanda ya karɓa ya buga hatimi ko ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗayan, a dawo da shi gida. Asalin takardar asibiti da asalin rasit ba sa barin gida, kwafinsu ake bayarwa. Idan jinya ta hana uba fita, a ɗauki hoton takardar a tura ta lambar ofishin makarantar, a aiki wani ya kai ta hannu daga baya. Gaya wa malamin da ke koya wa yaron kawai bai isa ba. Yana iya zama mutumin kirki, amma ba shi ke riƙe da rijista ba, yana iya mantawa, yana iya barin aikin kafin ranar ta zo.

Batun harshe ba shi da wuya. Takardun hukuma a Najeriya da Turanci ake yin su, kuma idan akwai yiwuwar makaranta ta haɗa wasiƙar da nata bayanin zuwa ofishin VIO, Turancin ya fi. Idan a cikin makarantar za ta tsaya, a gari irin Kano ko Katsina ko Sakkwato, Hausa ta wadatar, kuma Hausa mai tsabta ta fi Turancin da aka yi wa dole. Abin da ba ya canzawa a kowane harshe shi ne suna da lamba da ranaku.

Idan kwana biyu ko uku na aiki suka wuce ba amsa, a bi sawu. Alamar cewa an karɓi roƙon da gaske ita ce a faɗi sabuwar rana da jadawalin darussan da suka rage. "Ku dai zo in ta warke" ba amsa ba ce. Ya kamata kuma a duba takardar izinin koyo, wadda ke ba ɗalibi damar hawa titi da malami a gefensa, a ga ko wa'adinta zai kai sabuwar ranar. Idan ba zai kai ba, a sabunta ta kafin a koma darasi.

A irin wannan hali ne wani lokaci ake yi wa iyaye tayin "sauƙi": a shigar wa yaro darussan da bai yi ba yana kwance a gado, ko a fito masa da lasin ba tare da ya je gwaji ba, a ba da ɗan wani abu. FRSC ta sha dakatar da makarantun da ta kama suna fitar da takardun shaida ga waɗanda ba su yi horo ba, kuma lasin da bai bi ta ɗaukar hoto da zanen yatsu a cibiyar hukuma ba sau da yawa jabu ne, ba a samun lambarsa idan an bincika a rumbu. Uban da ya riga ya miƙa takarda mai cewa 'yarsa tana asibiti daga 7 zuwa 10 ga wata, sannan rijista ta nuna ta yi darasi a waɗannan ranaku, ya bar shaidar ƙarya a fayil ɗinta da hannunsa. Haka ma takardar asibiti ta bogi da wasu ke saya don kawai yaro bai shirya ba. Wanda bai shirya ba yana iya neman ɗagewa da wannan dalilin kai tsaye, kuma malamai sun fi son ɗalibin da ya nemi ƙarin darasi a kan wanda zai je ya faɗi a motarsu.

Idan ranar da aka nema ta matso jikin bai gama dawowa ba, a sake rubutu da sabuwar takardar likita, a ambaci kwanan watan wasiƙar farko. A wannan karon ya fi kyau a nemi a dakatar da rijistar ɗalibin zuwa wani wata da aka ambata, a kuma tambaya a rubuce har tsawon wane lokaci darussan da aka riga aka yi da kuɗin da aka biya za su ci gaba da aiki.